Sirinjin da Aka Ajiye a Kan Tire

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin yara na asibitin gwamnati a tsakiyar damina ya san cewa jadawalin aiki da ake maƙalawa a bango buri ne kawai. A rubuce, dutin dare yana da tsari: a karɓi aiki daga hannun masu tashi, a zagaya gadaje, a raba magungunan ƙarfe 10, a duba masu ƙarin ruwa, a cike fayil. A zahiri kuwa, daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa a ƙasar Hausa, da wuya ma'aikaciyar jinya ta yi minti goma tana aiki guda ba a katse ta ba. Ana yawan yaba wa wadda take zabura da zarar an kira ta, a ce mai himma ce. Wannan yabo yana da haɗari. Ma'aikaciyar da ta ƙware ba ta amsa kowane kira da gudu iri ɗaya, kuma ɓarnar da ta fi yawa a irin wannan dare tana fitowa ne daga aikin da aka ajiye rabi domin a tari sabon da ya shigo.

A ɗauki misalin ɗaki mai gado talatin, ma'aikatan jinya biyu, babba da ƙarama, da mai taimako guda, sai likita ɗaya da yake riƙe da wannan ɗaki haɗe da sashen gaggawa. Ƙarfe 10 na dare. Babbar ta haɗa allurar atesunet, maganin zazzaɓi mai tsanani, domin yaron gado na 7. Nauyinsa kilo 12 ne, kuma yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kan kowane kilo, wato miligiram 36. An narkar da garin maganin, an sirka shi yadda kowane mililita zai ɗauki miligiram 10, ta zuƙi mililita 3.6 a sirinji. Allura ta biyu ce, wadda ake yi awa 12 bayan ta farko. A ɗaya gefen, ƙaramar tana riƙe da ledar jini da aka fitar daga firjin ɗakin gwaji da ƙarfe 9:50 domin yarinyar gado na 4, wadda zazzaɓi ya shanye wa jini har tafin hannunta ya yi fari fat. A kusurwa kuma akwai yara uku masu tamowa da lokacin madararsu ya yi.

Da ƙarfe 10:05 abubuwa huɗu suka zo kusan a tare. Wani uba ya faɗo ɗakin da ɗansa a kafaɗa, yaron yana jijjiga. Wani uban kuma, na gado na 15, ya tsaya a bakin tebur yana ɗaga murya cewa ruwan da ake ƙara wa 'yarsa ya ƙare tun ɗazu ba wanda ya kula. Wayar ɗaki ta yi ƙara: wani babba ne a asibitin, yana so a tanadi gado a kuma duba ɗan wani ɗan'uwansa da ke bakin ƙofa, jikinsa da zafi, amma yana zaune yana wasa da makullin mota. Na huɗun ba ta da murya sosai. Uwar ɗaya daga cikin masu tamowar ce ta matso, ta ce a hankali, “Sista, yau dai barcinsa ya yi nauyi.”

Idan aka bar wa ɗabi'a ta zaɓa, za ta jera su ne bisa ƙarar murya da girman wanda ya kawo saƙo. Mai jijjiga zai zo farko, wannan daidai ne. Amma na biyu zai zama mai waya, domin ana jin nauyinsa, na uku mai faɗa, domin a samu kunne ya huta, ita kuwa uwar nan za a ce mata, “To, Maman yaro, bari in zo.” Wannan jeri kuskure ne a wurare biyu cikin huɗu, kuma ɗaya daga cikin kurakuran yana iya cin rai kafin asuba.

Tambayar da ta kamata a yi wa kowane sabon aiki ɗaya ce: me zai lalace idan ya jira minti goma? Ruwan da ya ƙare a gado na 15 ba ya buƙatar komai face a murɗe makullin robar, aikin daƙiƙa biyar, sannan sabuwar leda ta jira rabin awa ba tare da wata illa ba, muddin yarinyar ba ta cikin masu bushewar jiki. Yaron da ke wasa da makulli zai iya jira. Yaro mai tamowa da barcinsa ya yi nauyi kuwa, a lokacin da madararsa ta makara, ana ɗaukarsa a matsayin wanda sukarin jininsa ya faɗi har sai an tabbatar da akasin haka. Jikin irin waɗannan yara ba shi da ajiya. Shi ya sa a kwanakin farko ake ba su madarar musamman duk bayan awa 2 ko 3, dare da rana, kuma ba sa kuka idan sun fara tafiya. Shiru suke yi.

Wannan hanyar tantancewa tana da tushe a rubuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin tantance yara marasa lafiya da ba su agajin farko a 2005, wanda aka gina bisa aikin da aka yi a Malawi. Tsarin ya kasa yara gida uku. Akwai masu alamun da ba a jira da su ko kaɗan: toshewar numfashi ko numfashi da ƙyar matuƙa, leɓe da harshe sun yi shuɗi, hannu ya yi sanyi haɗe da bugun jini mai sauri maras ƙarfi, suma, jijjiga, da bushewar jiki mai tsanani ga mai gudawa. Akwai waɗanda ake sa wa a gaban layi, irin su jaririn da bai kai wata 2 ba, da mai zafin jiki sosai, da wanda ya yi fari, da mai tamowa, da wanda ya ƙone. Sauran su bi layi. Abin da ya fi ba da sha'awa a tsarin shi ne ƙarancin lokacin da yake ci: ma'aikacin da ya saba yana iya tantance yaron da ba shi da alamar haɗari cikin daƙiƙa 15 zuwa 20, da ido da hannu kawai. A babban asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre, bayan an gyara yadda ake karɓar yara da tantance su, mace-macen yaran da aka kwantar ya sauko daga tsakanin kashi 10 zuwa 18 cikin 100 ya koma kashi 6 zuwa 8. Babban abin da ya sauya shi ne wanda ake fara gani da kuma saurin da ake ganinsa.

Darasin da ke ciki ga tsakiyar duti shi ne a raba dubawa da yin aiki. Kowane kira ya cancanci daƙiƙa ashirin na dubawa nan take, ko da wanda ya kawo shi bai iya bayani ba. Ba kowane kira ne ya cancanci a yi masa aiki nan take ba. Ma'aikatan da suke nutsewa su ne waɗanda suka haɗe abubuwan biyu: ko dai su ƙi dubawa domin suna tsoron aikin da zai biyo baya, ko kuma da zarar sun duba sai su tsaya su gama komai. Yaron babban nan ma yana da haƙƙin daƙiƙa ashirin ɗinsa, a taɓa jikinsa, a kalli numfashinsa da tafin hannunsa, a kira sunansa ya waiwayo. Idan zafin ya yi yawa a sa shi a gaban layi. Abin da ba shi da haƙƙinsa shi ne ya tsallake mai jijjiga saboda wanda ya yi waya.

To, yanzu a koma ga sirinjin da ke hannun babbar ma'aikaciya, domin a nan ne maganar take.

Tana da zaɓi biyu masu kyau da ɗaya mummuna. Idan ta riga ta soma tura maganin a jijiya, ta ƙarasa, domin minti ɗaya ko biyu ne, ƙaramar kuma ta tari yaron ta kwantar da shi a gefensa kafin ta iso. Idan ba ta soma ba, ta ɗauki filasta da biro ta rubuta gado na 7, atesunet, miligiram 36, ƙarfe 10:00, ta manna a jikin sirinjin, ta ɗora shi a kan katin yaron. Daƙiƙa goma sha biyar ke nan. Mummunan zaɓin shi ne wanda aka fi yi: a ajiye sirinjin tsirara a kan tire a ruga. Nan da minti uku tiren nan zai ɗauki wani sirinji na dayazifam, da wani na ruwan sukari, da wani na ruwan gishirin wanke kanula, kuma a hasken fitilar caji ko tocilan waya, idan wuta ta ɗauke, duk ruwa ne garai-garai. Wadda za ta dawo bayan rabin awa, da jikinta bai daina rawa ba, za ta rantse cewa ta san wanne ne wanne. Ƙa'idar da ta dace a nan ba ta da sassauci: sirinjin da ba a rubuta masa suna ba, wanda kuma ya bar hannun wadda ta haɗa shi, a zubar. A asibitin da iyaye ke sayo magani da kuɗin da suka ranto, zubar da kwalbar atesunet abu ne mai ciwo, kuma wannan ciwon ne yake sa a yi ta maza a yi amfani da wanda ake kokwanto. Filasta ta fi arha.

Wasu za su ga kamar ɓata lokaci ne a tsaya rubutu alhali yaro yana jijjiga. Lissafin bai goyi bayansu ba. Jijjiga tana zama abin tsoro ne idan ta ɗauki mintuna ba ta tsaya ba, ko ta toshe numfashi, kuma abu na farko da ake yi, wato kwantar da yaro a gefensa da share masa baki, abokiyar aiki tana iya somawa. Daƙiƙa goma sha biyar ba za su sauya makomarsa ba, amma suna iya sauya makomar yaron gado na 7. Inda wannan ƙa'ida ta faɗi shi ne idan numfashi ya tsaya cak ko abu ya shaƙe yaro, kuma babu wani a kusa. A nan a jefar da komai, a dawo a zubar da abin da aka jefar.

An auna abin da katsewa ke jawowa. A 2010 Johanna Westbrook da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a asibitocin koyarwa biyu a Ostireliya, inda suka bi ma'aikatan jinya 98 suna kallon yadda suka ba da magani sau 4,271. An katse su a fiye da rabin lokutan. Kowace katsewa guda ta zo da ƙarin kusan kashi 12 cikin 100 na tsallake wani mataki, da ƙarin kusan kashi 13 cikin 100 na kuskure a maganin kansa. Haɗarin babban kuskure ya tashi daga kashi 2.3 cikin 100 idan ba a katse ba zuwa kashi 4.7 idan an katse sau huɗu, wato ya ninka. Waɗannan asibitoci ne masu wuta da isassun ma'aikata. Dalilin kuma ba sakaci ba ne. Ƙwaƙwalwa tana riƙe da niyyar aiki a wuri mai rauni: mutum yana tuna cewa ya yi nufin duba sunan mara lafiya, bayan katsewa sai nufin ya rikiɗe ya zama tunanin cewa ya riga ya duba. Saboda haka wadda ta dawo kan aikin da ta ajiye bai kamata ta ɗora daga inda take jin ta tsaya ba. Ta koma baya ta sake daga suna, zuwa magani, zuwa adadi, zuwa hanya, zuwa lokaci.

Masu tuƙin jirgin sama sun koyi wannan da tsada. A watan Disamba na 1972 wani jirgin kamfanin Eastern yana shirin sauka a Miami, sai fitilar da ke nuna cewa tayar gaba ta sauko ta ƙi kamawa. Duk waɗanda ke ɗakin tuƙi suka duƙufa a kan fitilar, ba wanda ya lura cewa jirgin yana ta yin ƙasa a hankali, har ya faɗa cikin fadama, mutum 101 suka rasu. Tayar lafiyarta ƙalau, ƙwan fitila ne ya ƙone. Sabuwar matsala ta janye dukan idanu, tsohon aikin da ba ya ƙara, wato tuƙa jirgin, ya rasa mai shi. A ɗakin yara ma haka ake yi: jijjiga tana da ban tsoro, sai ma'aikatan biyu da mai taimako da iyaye duk su yi dafifi a gado guda, yara ashirin da tara su zama marayu na rabin awa.

Ga yadda daren zai tafi a hannun waɗanda suka san aiki. Babbar ta manna filasta, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Ni ina kan mai jijjiga. Ke duba na kusurwa, sannan jini. Baba, kira mana likita, ka ce yaro ne yana jijjiga, kilo kamar goma.” Rabon aiki ke nan a numfashi ɗaya, kowa da sunan abin da ya rataya a wuyansa. Ta kwantar da yaron a gefe, ta sa masa oksijin, ta ɗiga jininsa a na'urar gwajin sukari. Idan ya gaza 2.5, ko kuma babu tsinken gwajin, abin da ba baƙo ba ne, ana ba shi ruwan sukari mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, mililita 5 a kan kowane kilo, wato mililita 50 ga mai kilo 10. Idan mai ƙarfin kashi 50 kaɗai ke cikin kabad, sai an sirka kaso ɗaya da kaso huɗu na ruwan allura, kuma wannan ma wuri ne da gaggawa ke sa a tsallake mataki. Dayazifam ta dubura rabin miligiram ne a kan kowane kilo, miligiram 5 ke nan, mililita 1 daga kwalbar da aka saba gani. Ba a maimaitawa sai bayan minti 10, ana kuma lura da numfashi, domin maganin yana iya danne shi.

Ƙaramar, a kan hanyarta ta zuwa kusurwa, ta murɗe makullin ruwan gado na 15, ta ce wa uban, “Alhaji, na tsayar da shi, ba abin da zai same ta. Zan sa sabo kafin ƙarfe 11.” Faɗin lokaci yana da amfani fiye da ladabi. Wanda aka ce wa “ina zuwa” zai dawo sau uku, kowace dawowa katsewa ce. Wanda aka ba wa lokaci yakan zauna ya kalli agogo. Ta isa wurin mai tamowa, ta kira shi, ta girgiza shi a hankali. Ya buɗe ido da ƙyar amma yana iya haɗiya. Ta ba shi mililita 50 na ruwan sukari ta baki, ta miƙa wa uwar kofin madara, ta sa a lulluɓe shi a jikin uwar domin sanyi da faɗuwar sukari tare suke tafiya a wurin waɗannan yara, ta kuma miƙa wa sauran iyayen biyu nasu kofunan. Ƙarfe 10:12.

Saura jini, kuma shi yana da agogonsa. Ledar da ta bar firji ana so a soma ƙara ta cikin minti 30, a kuma gama cikin awa 4, domin ɗumi yana ba ƙwayoyin cuta damar hayayyafa a cikinta. An fitar da ita 9:50, don haka wa'adinta 10:20. Sannan minti 15 na farko su ne lokacin da mummunan rashin jituwa tsakanin jini da jiki ya fi bayyana, dole wani ya kasance a kusa yana kallon zafin jiki da bugun jini da numfashi. Ke nan rataya jini alkawari ne na kwata guda na awa. Hanyoyi biyu ne masu aminci: a rataya shi da mai tsaronsa, ko a mayar da shi ɗakin gwaji kafin wa'adin ya cika. Hanya ta uku, wadda ba wanda yake zaɓa da gangan amma ita ce ke faruwa, ita ce ledar ta kwanta a kan tebur har ƙarfe 11 da rabi saboda kowa yana zaton ɗayan ya ɗauka. Yarinyar gado na 4 ba ta da jinin da za ta jira, saboda haka ƙaramar ta kira babbar na minti ɗaya, bayan jijjigar ta lafa, su biyu suka karanta suna da lamba da rukunin jini a bakin gado, aka buɗe da ƙarfe 10:18, ƙaramar ta ja kujera ta zauna. Daga inda take zaune tana hango kusurwar masu tamowa.

Ƙarfe 10:35 likita ya karɓi mai jijjiga, babbar ta koma ga sirinjinta. Atesunet da aka narkar ana so a yi amfani da shi cikin awa guda, kuma filastar ta nuna mata cewa tana da sauran minti 25. Ta sake karanta kati daga farko, ta yi allurar, ta rubuta 10:37, ainihin lokacin da aka yi, ba 10:00 da jadawali ya ce ba. Daga nan ta ɗauki takarda ta sake jera abin da ya rage na zagayen magani, domin jerin da ta shigo da shi ya riga ya mutu. Maganin da ake sha sau ɗaya a rana zai jure jinkirin awa ɗaya. Allurar farko ta maganin kashe ƙwayoyin cuta ga jaririn da ake zargin cuta ta shiga jininsa ba za ta jure ba. Wanda ya ci gaba da bin gadaje daga na 8 zuwa na 30 bi da bi, kamar ba abin da ya faru, yana iya isa wurin jaririn nan da tsakar dare.

Ana iya gane ɗakin da wannan tsari ya lalace ba tare da an kwana a cikinsa ba. Katin magani zai nuna kowace allura an yi ta ƙarfe 10:00 daidai, a gado talatin, abin da hannu biyu ba za su iya ba. Za a ga gibi a takardar madara tsakanin tsakar dare da asuba. Za a ga ledar jini da aka rubuta lokacin fitowarta amma babu lokacin ratayawa. A wurin miƙa aiki da safe za a ji labarin mai jijjiga dalla-dalla, ba za a ji jerin abin da aka ɗage saboda shi ba, alhali jerin nan shi ne abin da masu karɓar aiki suka fi buƙata.

Akwai maganin da ake yawan kawowa daga ƙasashen waje, wato a sa wa mai rabon magani riga mai rubutun kada a katse ta. An gwada shi a Ostireliya, katsewar ta ragu amma ba sosai ba, kuma ma'aikatan da yawa ba su so rigar ba. A ɗakin da ake magana a kai, rigar tana iya zama illa. Inda babu na'urar da ke ƙara a kan kowane gado, uwa ita ce na'urar. Ita ce ke jin numfashi ya sauya, ita ce ke lura cewa barci ya yi nauyi, kuma tarbiyya ta riga ta koya mata kada ta dami ma'aikaci. Duk abin da zai ƙara mata jin nauyi yana kashe ƙararrawa ɗaya tilo da ɗakin yake da ita. Abin da ya fi dacewa shi ne a gaya wa kowace uwa, tun ranar da aka kwantar da ɗanta, abubuwa kaɗan da za ta ɗaga murya a kansu ba tare da sallama ba: jijjiga, sauyin numfashi, yaro ya ƙi farkawa, ya ƙi nono, ko jikinsa ya sauya ana ƙarin jini. Sauran buƙatu, irin su takardar sallama da canjin zanin gado, a ba su lokacin da za a saurare su. Katsewar da ya kamata a yaƙa ita ce ta manya: wayar ofis mai neman alƙaluman wata da ƙarfe 10 na dare, da mai muƙamin da yake so a bar komai a tari baƙonsa. Ƙaramar ma'aikaciya ba ta iya ce wa irin waɗannan a'a, kuma rashin adalci ne a sa ran za ta iya. Matiron da shugaban asibiti ne za su rubuta ƙa'idar, su kuma fara bin ta da kansu.

Duk wannan ƙwarewa tana da iyaka, kuma iyakar lissafi ce. Tun 1909 injiniyan wayar tarho ɗan ƙasar Denmak, Agner Erlang, ya soma nazarin abin da ke faruwa idan buƙatu suna zuwa ba bisa tsari ba ga ma'aikaci mai hannu ƙayyadadde. Sakamakon da aka gina a kan aikinsa yana da sauƙin faɗa. A ɗauka ayyuka suna faɗowa babu jadawali, tsawonsu yana bambanta, matsakaicinsu minti 10. Idan rabin lokacin ma'aikaciya ne a cike, sabon aiki zai jira kimanin minti 10. Idan kashi 80 cikin 100 ne a cike, jiran ya zama minti 40. A kashi 90 ya zama minti 90. Ƙarin aiki kaɗan a sama yana ninka jira, domin babu sararin da zai shanye cunkoso idan ya zo. Tantancewa tana sauya wanda zai yi jiran, tana ɗauke shi daga mai jijjiga ta ɗora wa mai ruwan da ya ƙare, amma ba ta rage yawan aikin da ke jibge.

Saboda haka shugaban da ya leƙa ɗaki da ƙarfe 9 na dare ya ga ma'aikaciya a zaune, ya ɗauke ta ya kai wani sashe domin ba ta aikin komai, ya sayar da ainihin abin da ɗakin zai buƙata da ƙarfe 10:05. A misalin da aka bi, komai ya tafi daidai ne saboda hannu biyu sun isa ayyuka biyu masu tsanani. Da a ce na kusurwar bai farka ba, ya zama sai an nemi jijiya a jikin yaro mai tamowa, da an rasa mai zama a kan jini, kuma da zaɓin da ya rage shi ne a mayar da ledar firji a bar yarinyar gado na 4 ta ƙara jira. Dutin dare na watan Satumba yana buƙatar mutum na uku, ko aƙalla suna da lambar wanda za a kira daga wani ɗaki a rubuce a bango tun kafin a shiga aiki, da kuma ƙa'idar da ta ce idan yara biyu masu alamun haɗari suka haɗu a lokaci guda, kiran ya wajaba, ba sai an nemi izinin kowa ba.